Yadda na gano kuskure a amsar Faransanci kafin in tura kuɗi

Wallahi saura ƙiris in tafka asara. Shagona na Kasuwar Barci, na tambayi wani mai kaya a Kwatano farashin bandir ɗin atamfa, ya amso da Faransanci, ni kuwa daga bonjour na tsaya. Na zuba saƙon a Google Translate zuwa Hausa sai ya fito kamar ya amince zai aiko kayan.

Hankalina bai kwanta ba, sai na raba saƙon jimla jimla na fassara kowace ita kaɗai, nan na ga kalmar ne da kalmar pas na Faransanci sun saka aikatau a tsakiya, wato korewa ce, ashe cewa yayi ba zai aiko ba sai na biya duka. Lambar ma quatre-vingt-dix ce, 90 kenan, 4 sau 20 a ƙara 10, ni da na hango dix na ɗauka 10 ce, kuma a sefa yake magana ba naira ba.

Na kai wa wani Banijare mai shayi a Tudun Wada, ban faɗa masa abinda na fahimta ba don kar ya bi bakina, nace malam karanta min kawai. Abinda na gano shi ya faɗa. Sai na rubuta wa mai kayan ya turo farashi da lambobi, ya amsa oui ko non, wato e ko a'a, akan aikowa.