Kurakurai uku a taƙaitaccen bayanin rahoton wata

Manaja da yawa ba sa wuce sakin layi na farko a rahoton aiki na wata, don haka abin da bai shiga wurin ba kamar ba a rubuta shi ba ne. Mu ɗauki misalin wani sito a Asawase, Kumasi, mai rarraba shinkafa ga 'yan kasuwar Kejetia da Aboabo. Akawunsa ya rubuta: "An samu raguwar ciniki a watan Yuni saboda ruwan sama da matsalar mota, kuma za a ɗauki matakan da suka dace."

Kuskure na farko shi ne ambaton canji ba tare da ma'auni ba. Raguwa daga nawa zuwa nawa? Kamata ya yi a ce an kai buhu 1,200 a Yuni, alhali an kai 1,500 a Mayu, wato ragin buhu 300, ko kashi 20 cikin ɗari.

Na biyu ya fi ɓarna, kuma shi ne ya fi damuna: jera dalilai ba tare da an auna nauyin kowanne ba. Gaskiya ne Yuni tsakiyar damina ce a Kumasi, amma saukar ruwa ba hujja ba ce cewa shi ya rage ciniki. Hanyar ganewa ita ce a ajiye littafin oda kusa da takardun kai kaya. Idan oda ce ta ragu, matsalar tana kasuwa. Idan kuwa oda tana nan amma kaya ba su fita ba, to matsalar cikin gida take. A wannan sito an karɓi odar buhu 1,460, aka kasa kai 260 saboda ɗaya daga cikin motoci biyu ta yi kwana tara a gareji. Buhu 40 ne kawai ragin da ya zo daga kasuwa, kuma tunda ba a binciki dalilinsa ba, sai a faɗi haka kai tsaye maimakon a ɗora wa damina.

Na uku kuwa "za a ɗauki mataki" ne, jimlar da ba ta ɗaure kowa ba. A ambaci mai aikin, da ranar, da abin da ake jira daga manaja.

Ga yadda sakin layin zai koma: "A Yuni mun kai buhu 1,200, ƙasa da 1,500 na Mayu. Buhu 260 daga cikin ragin sun faru ne saboda lalacewar mota ta kwana tara, sauran 40 kuma ana kan bincikensu. Jami'in sufuri zai kawo farashin hayar mota daga wurare biyu kafin 10 ga Yuli, kuma muna neman amincewar manaja a ware sidi 6,000 domin hayar gaggawa."