Yadda ake ƙiyasin kuɗin da za su shigo da waɗanda za su fita a sabon shago

Sabon mai shago yakan kai ƙarshen watan farko ya buga lissafi ya ga ya ci riba, sannan ya buɗe durowa ya tarar ko kuɗin motar zuwa sari ba su cika ba. Nan take zargi ya faɗa kan yaron shago. Sau da yawa kuma babu wanda ya taɓa ko sisi, abin da ya faru shi ne an haɗa lissafi biyu da ba ɗaya ba. Riba tana ƙirga abin da aka sayar ne, ko an biya ko ba a biya ba. Kuɗin hannu kuwa ba su san da wannan ba, ranar da naira ta shigo da ranar da ta fita kaɗai suka sani.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne kawai, kai sai ka saka naka.

Fara da gano inda kuɗin watan farko suka shiga

A ce mutum ya buɗe shagon tireda a Tudun Wada cikin Gusau da jarin naira 3,000,000. Ya biya hayar shekara 360,000, ya kashe 540,000 kan kanta da firiza da ƙaramin janareta, ya je kasuwar Singa a Kano ya yi sarin kaya na 1,800,000. Ragowar 300,000 ya riƙe a hannu.

A watan farko ya yi cinikin 1,500,000, kuma kayan da suka fita ya saro su ne a kan 1,320,000, wato akwai 180,000 a sama. Albashin yaro da fetur da kuɗin wuta da kuɗin mota suka ci 80,000. Hayar wata ɗaya daga cikin shekarar da ya biya ta kama 30,000. Firiza da janareta ma suna tsufa, in aka raba kuɗinsu da na kanta a kan shekara uku, kowane wata zai ɗauki 15,000. Idan an cire duka, ribar watan ta tsaya a 55,000. Ba laifi ga shagon da ko fentinsa bai gama bushewa ba.

To amma duba abin da ya ratsa ta hannunsa. Daga cikin cinikin nan, 250,000 suna littafin bashi, wurin maƙwabta da ma'aikatan da ke jiran albashi, don haka 1,250,000 kawai ya karɓa. Ya sake sari na 1,400,000, domin ya mayar da abin da ya fita, ya ƙara wasu kayan da masu saye suka riƙa tambaya. Ya biya waccan 80,000 ta hidimar shago, ya kuma ɗebi 60,000 na cefanen gida kaɗan-kaɗan, yau dubu biyu gobe dubu uku. Abin da ya fita ya zama 1,540,000. Ya fara wata da 300,000, ya gama da 10,000.

Ka ga ke nan riba ta ce an ƙaru da 55,000, durowa ta ce an ragu da 290,000, kuma babu mai ƙarya a cikinsu. Kuɗin suna nan sun sauya kama: 250,000 sun zama bashi a hannun mutane, 80,000 sun zama katan-katan a kan kanta, 60,000 an cinye su a tukunyar gida. Haya da tsufan firiza kuwa sun rage riba da 45,000 amma ba su taɓa durowa a wannan watan ba, tunda tun ranar buɗe shago aka biya su. Kafin ka fara hasashen gaba, yi wa watanka da ya wuce irin wannan binciken, domin daga nan ne za ka san halin shagonka.

Zana jadawalin mako-mako

Nemi littafi daban, ban da na bashi. Ja layi huɗu a tsaye, kowane ɗaya mako guda. Ni na fi son mako a kan wata, saboda wata yakan ɓoye matsala: za ka iya gama shi da kuɗi a hannu alhali a tsakiyarsa ka kasa biyan dila. A ƙarƙashin kowane mako rubuta abu huɗu: abin da aka wayi gari da shi, abin da zai shigo, abin da zai fita, da abin da zai rage. Ragowar wannan mako ita ce mafarin mako na gaba.

Abin da aka wayi gari da shi ƙirga shi ake yi, ba a tunaninsa. Tsabar da ke durowa, da abin da ke asusun banki, da abin da ya riga ya sauka ta na'urar POS. Tiransifar da aka nuna maka a waya amma alat bai shigo ba, kada ka saka ta sai ta sauka. Kaya ba sa shiga nan komai yawansu, bashin da kake bin mutane ma haka.

A layin shigowa ne aka fi yaudarar kai. Raba shi biyu: cinikin kuɗi hannu, da bashin da za a biya. Na farkon, ɗauko shi daga abin da ka gani a makonnin da suka wuce, ka ɗan rage, kada ka ɗora shi a kan ranar da ciniki ya fi kyau. Na biyun kuwa sai ka buɗe littafin bashi ka bi suna ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin gwamnati sai an yi albashi, to saka shi a makon da ya biyo bayan albashin. Mai shayin bakin titi da ke ɗaukar madara da sukari yana biya duk Juma'a, saka shi a kowane mako. Ɗan uwan da ya ce "zan aiko", kada ka saka shi ko'ina. In ya aiko, alhamdu lillahi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane bashi ne ke da ranar dawowa ba.

A layin fita, rubuta kowane abu a makon da za a miƙa kuɗinsa, ba makon da aka karɓi kayan ba. Kuma ka saka cefanen gida da adashi a fili da adadinsu. Mutane da yawa suna jin nauyin rubuta wannan, kamar ba hidimar shago ba ce. Gaskiya ne ba ta shiga lissafin riba, amma daga durowa ɗaya take fita.

Bi misalin zuwa wata na biyu

Mutuminmu ya shiga makon farko da 10,000. Yana sa ran cinikin hannu na 330,000, kuma an yi albashi, masu bashi za su kawo 150,000. Zai ɗan cike kaya a nan cikin Gusau da 100,000, fetur da cefane 30,000. Zai rage da 360,000.

Mako na biyu ciniki da biyan bashi za su kawo 330,000. A makon ne zai tafi Kano, ya yi sari na 600,000 kuɗi hannu, mota 20,000, fetur da cefane 30,000. Ragowa 40,000. A wannan tafiyar kuma dilansa zai ƙara masa kaya na 400,000, da sharaɗin ya turo kuɗin bayan kwana bakwai. Wannan 400,000 ba ta shiga mako na biyu, gidanta mako na uku.

Mako na uku tsakiyar wata ne, aljihun ma'aikata ya yi sanyi, cinikin hannu ba zai wuce 270,000 ba, kuma babu mai biyan bashi. Da ragowar 40,000 ya zama 310,000. Abin da ke jiran sa kuwa 400,000 na dila da 30,000 na yau da kullum. Akwai giɓin 120,000.

Mako na huɗu 380,000 za su shigo, 155,000 su fita har da albashin yaro, wata ya ƙare da 105,000 a hannu. Wanda ya yi lissafin wata dunƙule, 105,000 ɗin nan kawai zai gani ya kwanta hankali kwance, sai ranar da dila ya kira waya ya fara neman rance.

Amfanin jadawalin ke nan, ka ga giɓin tun saura mako biyu, lokacin da gyaransa magana ce kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a gaban dila kafin a ɗaure kaya zai iya cewa, "Alhaji, a raba mini biyan nan biyu, 250,000 mako mai zuwa, 150,000 na bayansa." In Alhaji ya yarda, mako na uku zai ƙare da 30,000 maimakon giɓi, ƙarshen wata kuma yana nan a 105,000. In bai yarda ba, sai ya rage sarin da 150,000, ya bar kayan da ke daɗewa a kanta, irin su manyan gwangwanayen madara da turaren ɗaki, ya ɗauko masu gudu kamar taliya da sukari da sabulu. Hanya ta uku ita ce tsayar da sabon bashi na mako biyu, sai dai a unguwa wannan tana da tsada, domin wanda ka hana yau zai iya komawa shagon gaba gobe da kuɗinsa a hannu.

Abubuwan da mako huɗu ba ya nunawa

A bayan littafin, ware shafi guda na wata goma sha biyu, ka rubuta manyan biyan da ke zuwa jefi-jefi. Na farkonsu haya. Shekarar farko takan yi daɗi ne saboda an riga an biya ta, kowane wata 30,000 na zaune a durowa kamar taka ce, alhali ta mai gida ce. In ba ka ware ta duk wata ba, wata na goma sha biyu zai zo maka da buƙatar 360,000 lokaci ɗaya, wataƙila ma da ƙari. Haka zakkar kayan kasuwanci, kashi ɗaya cikin arba'in idan dukiyar ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Ana ƙiyasta ta har da kayan da ke kanta, amma galibi da tsaba ake fitar da ita.

Sai kuma yanayin shekara. Kafin azumi sari yana ƙaruwa, sukari da madara da man girki, kuɗi su fita makonni kafin su dawo. Da damina kuɗin manoma suna tafiya taki da noma, bashi ya yawaita, sai kaka a fara biya. Tashin farashi ma yana cin kuɗin hannu a ɓoye: katan ɗin da ka saro 10,000 ka sayar 11,000, in ka koma Singa ka tarar ya zama 11,500, littafi ya rubuta maka ribar 1,000, amma sai ka ciko 500 kafin ka mayar da katan ɗin wurinsa.

Duk daren Asabar bayan an rufe shago, ƙirga abin da ke hannu, ka rubuta shi kusa da abin da ka yi hasashe, ka ƙara sabon mako a ƙarshe domin kullum mako huɗu su kasance a gabanka. In ciniki ya yi daidai da hasashe amma kuɗi sun gaza, fara duba littafin bashi, sannan abin da aka ɗiba na gida ba a rubuta ba, sannan kayan da suka ƙaru a kanta. Sai waɗannan ukun sun kasa cike lissafin za ka zauna ka ƙirga kaya da yaron shago.