Yadda Ake Tuki Cikin Ruwan Sama Mai Karfi A Kaduna

Tunda damina ta kankama ake ta tambayata, to ga yadda nake yi.

1. Duba waifa da taya tun a gida, sudaddiyar taya santsi take a jikakken titi.
2. Zabi babban titi irin Ahmadu Bello Way ko bypass, ka bar lungun da ke kusa da kogin Kaduna.
3. Kunna fitila, amma karama. Babbar dawo maka take a ido, ko a hazon hunturu haka ne.
4. Kunna AC ka juya iskar kan gilashi in ya fara yin gumi.
5. Rage gudu, ka ninka tazarar da ke tsakaninka da na gaba.

Hattara, a nan ake kuskure: in ruwa ya kwanta ba ka ganin bakin kwalbati don Allah kar ka shiga, ko da ka ga tirela ta wuce, ita doguwa ce kai ba haka ba. In mota ta mutu a ciki kar ka sake tada ta, injin zai sha ruwa ya lalace.

6. Da ka daina ganin jar fitilar na gabanka, tsaya.
7. Sauka daga titi gaba daya, gidan mai ya fi, banda karkashin bishiya.
8. Kunna fitilar hazad ka jira ya tsagaita.