Yadda Ake Sa 'Yan Ƙungiyar Sa Kai Su Zaɓi Ranar Taron Bita

Kuskuren da sababbin sakatarorin ƙungiya suka fi yi shi ne su shiga zauren WhatsApp su rubuta cewa za a yi taron bita, kowa ya faɗi ranar da ta yi masa. Kafin magariba za a tara amsoshi sama da ashirin da ba su haɗu a ko'ina ba, wasu su ce duk yadda aka yi daidai ne, sannan ranar taro a neme su a rasa. Mutanen da ba albashi ake biyan su ba suna yanko lokacin ne daga na ofis, na shago da na iyali, saboda haka aikin mai shiryawa ne ya rage musu wahalar lissafi tun kafin ya tambaye su.

Da farko a zauna da kalanda a soke ranakun da aka san ba za su yiwu ba. Juma'a ba ranar bita ba ce, ko da kuwa a Kaduna ne, inda gwamnatin jiha ta mayar da ma'aikatanta aikin kwana huɗu a mako tun Disambar 2021, domin masallaci yana raba yinin biyu kuma ana yawan ɗaura aure bayan an sauko. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ce, ana hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Idan akwai 'yan kasuwa a cikin ƙungiya a duba ranar da kasuwarsu ke ci, don mai zuwa Maigatari ba a samun sa ranar Alhamis, mai zuwa Dambatta kuma Lahadi. Makon Sallah a bar shi gaba ɗaya tunda ganin wata ne ke tsayar da ranar. Haka kuma a tabbatar da mai koyarwa da ɗakin taro tukuna, don babu amfanin jama'a su zaɓi ranar da ajin da za a ara yake cike da ɗalibai.

Daga abin da ya rage a fitar da zaɓi uku, kada a wuce haka. Ni ba na yarda da huɗu, domin ƙuri'u suna warwatsuwa. Kowane zaɓi ya zo da lokacin farawa da na tashi, saboda mace mai girki ba ranar take tambaya ba, so take ta san ƙarfe nawa za ta koma gida. Ga irin saƙon da nake turawa makonni uku kafin lokaci:

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Za mu yi bitar awa huɗu kan awon damtsen yara don gane tamowa. Ga lokutan da malamar za ta samu: Asabar 11 ga wata, ƙarfe 2 zuwa 6 na yamma, Lahadi 12, ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, ko Laraba 15 da Alhamis 16, awa biyu-biyu bayan la'asar. Kowa ya zaɓi duk lokutan da zai iya zuwa, ba wanda ya fi so kaɗai ba. Za a rufe jibi bayan isha'i."

Idan da Poll na WhatsApp za a yi, a bar maɓallin "Allow multiple answers" a kunne, in ba haka ba kowa zai danna ɗaya tak, a rasa sanin wanda zai iya zuwa sau biyu. Kwana biyu sun isa. Ma'aikaciyar jinya tana bukatar duba jadawalin aikinta, matar aure kuma tana bukatar yin magana da maigida, ta kuma lissafa ko ranar girkinta ce, amma idan aka ba da mako guda sai saƙon ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna. Waɗanda ba su da babbar waya ko datarsu ta ƙare a kira su ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin katin ya fito daga asusun ƙungiya, don sakataren da ke kira da aljihunsa ba ya daɗewa yana yi.

Wurin da na taɓa faɗuwa shi ne karanta sakamako, kuma nan ne ya kamata a tsaya a natsu. Mu 28 ne a ƙungiyarmu, maza 19 da mata 9. Asabar da yamma ta sami mutum 19, Lahadi da safe 17, ranakun aiki kuwa 9 kacal, abin da ba mamaki tunda ma'aikaci yana tashi ƙarfe 4 ne ya shiga cunkoso. Na duba lamba mafi girma na sanar da Asabar. Ranar taro ɗaki ya cika da maza, mata biyu ne kawai a benci na baya, ɗaya da goyo, kuma ita ma tana idar da sallar la'asar ta ɗauki jakarta ta ce, "Malam, a yi haƙuri, ban ɗora sanwa ba." Malamar ta dube ni ta tambaya wa zai shiga gidaje ya yi awon, alhali kowa ya san namiji baƙo iyakarsa zaure. Dole muka sake bitar bayan wata guda, muka biya kuɗin mota da na ruwa sau biyu.

Da na danna "View votes" tun farko na karanta sunaye, da na ga cewa 17 daga cikin 19 na Asabar maza ne. Su da safe suke zuwa ɗaurin aure, yammarsu a sake take, alhali mata da yamma suke zuwa yinin biki, wadda ba ta je ba kuma tuwon dare yana jiranta. Lahadi da safe, lokacin da yara suka tafi Islamiyya, mata 8 cikin 9 sun ce za su zo. Tun daga ranar nake rubuta sunayen mutum biyar ko shida da bita ba za ta yi amfani ba in babu su kafin in tura tambaya, sannan in auna kowane zaɓi da wannan takarda kafin in dubi jimilla. Ranar da ta tara jama'a amma ta zubar da rukuni guda, ko mata ko ma'aikata ko 'yan kasuwa, ba ta ci ba.

Lahadin ma tana da nata cikas, domin muna da Kiristoci uku da ke coci a wannan lokacin. A irin wannan hali ba a mayar da magana zaure, kiran su ake yi. Biyu sun ce za su iso wajen 11 da rabi, sai muka roƙi malamar ta fara da bayani ta ajiye gwajin awo zuwa bayan isowarsu, na ukun kuma aka haɗa shi da wanda zai maimaita masa a cikin mako.

Shiru ba amincewa ba ne, wanda bai amsa ba a lissafa shi cikin marasa zuwa. Haka kuma daga masu cewa za su zo nakan rage mutum uku ko huɗu wajen sayen ruwa da abin taɓawa, saboda rasuwa da haihuwa ba sa sallama. A sanar da ranar da aka tsayar a daren da aka rufe zaɓe, da wuri da lokacin tashi, a faɗi dalili a jimla ɗaya idan ba mai rinjaye aka ɗauka ba. Bayan haka ba a sake buɗe zance ko shugaba ne ya nema, sai dai in malamar ce ta sami uzuri. A tuna wa mutane saura kwana uku, a sake tunawa ana gobe, kuma idan an ce ƙarfe 1 za a tashi, a sallami mata ƙarfe 1 ko da jawabin godiya bai ƙare ba.