Yadda ake zaɓar ma'ajiyar bincike ga ƙaramin aiki: daga fayil zuwa teburin SQL

A ce wata ƙungiyar manoman dankalin Turawa mai ofis a Jos ta ba ka aiki. Suna da takardu kamar 600: bayanan zaman taro, rahotannin malaman gona daga Bokkos, Mangu da Barkin Ladi, da shawarwarin taki da maganin feshi. Abin da suke so shi ne sakatare ya rubuta tambaya, amsa ta fito tare da takardar da aka ciro ta. Matasa da yawa da zarar sun ji irin wannan aiki sai su ruga neman rumbun bekta na haya da ake biya da dala, wato ma'ajiyar da take bincike ta ma'ana maimakon ta kalma. Ni kuwa ina ganin a mafi yawan lokaci fayil guda ko tebur guda ya ishe ka, kuma akwai hanyar ganewa tun kafin ka kashe kobo.

Fara da tambayoyin, ba da ma'ajiyar ba

Zauna da waɗanda za su yi amfani da abin, ka sa su faɗa maka tambayoyi talatin da suka taɓa nema da gaske. A gefen kowace tambaya ka rubuta sunan takardar da amsar take ciki. Wannan jerin shi ne ma'auninka har ƙarshen aiki, don haka kada ka ƙirƙiro tambayoyin daga kanka.

Idan ka karanta su za ka ga ba iri ɗaya ba ne. "Buhu nawa na taki aka raba wa reshen Mangu a 2023?" tambayar lissafi ce, tana buƙatar tacewa da tarawa, aikin SQL ke nan. "Ina takardar da ta ambaci mancozeb?" neman kalma ne. Sai irin ta uku: "Ganyen dankalina yana baƙi bayan ruwan sama, me zan yi?" alhali rahoton malamin gona da sunan cutar ya kira ta, bai ce "baƙi" ba. Wannan ta ukun kaɗai ce take buƙatar bincike ta ma'ana. Ƙirga nawa suka faɗa kowane rukuni. Idan 25 cikin 30 lissafi ne da neman kalma, ka riga ka san inda za ka zuba ƙarfinka.

Auna girman kayan

Mayar da takardun rubutu zalla, ka yanka su guntu-guntu, kowane guntu kamar sakin layi biyu ko uku. A ce takardu 600 sun ba ka guntu 3,000, kowanne yana da haruffa kusan 1,000. Jimla ke nan megabayit 3, hoto guda na wayarka ma kan fi haka nauyi. Kowace laftof za ta ɗauke shi gaba ɗaya cikin RAM ta karance shi tun kafin ka ɗaga yatsa daga madanni.

A wannan girman gwada abu mafi sauƙi tukuna:

```
grep -ril "mancozeb" takardu/
```

Idan mutum ɗaya ne yake amfani da shi, ba a cika gyara takardun ba, kuma tambayoyin neman kalma ne, to babban fayil mai ɗauke da takardun, ko fayil guda na JSONL mai guntu ɗaya a kowane layi, ya wadatar. Ana iya buɗe shi da ido, a kwafe shi a filashi, a gane inda ya lalace. Za ka san fayil ya gaza idan ka tsinci kanka kana rubuta kod na tace rana da gari da hannu, ko kana son sakamako mafi dacewa ya hau sama, ko mutum biyu suna rubutu a ciki lokaci guda wani yana share aikin wani.

Idan fayil ya gaza, koma SQLite

SQLite, wanda D. Richard Hipp ya fara fitarwa a shekarar 2000, shi ma fayil guda ne, ba ya buƙatar saba, kuma yana zuwa a cikin Python. A ofishin da wuta take zuwa ta ɗauke, intanet kuma sai an kunna datar waya, wannan ba ƙaramin alheri ba ne: bincike yana aiki ko babu sabis, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, an gina shi ya koma yadda yake kafin rubutun da bai kammala ba.

Yi tebur biyu. Na farko yana riƙe da ainihin rubutu da bayanansa, na biyu fihirisar kalmomi ce ta FTS5, ɓangaren binciken rubutu na SQLite:

```sql
CREATE TABLE guntu(id INTEGER PRIMARY KEY, fayil TEXT,
  rana TEXT, gari TEXT, matani TEXT);
CREATE VIRTUAL TABLE nema USING fts5(matani);
```

Duk guntun da ka saka a `guntu`, saka kwafinsa a `nema` da `rowid` iri ɗaya da `id`. Rubuta rana a tsarin `2023-06-14` domin ta jeru daidai. Ga tambaya:

```sql
SELECT g.fayil, g.matani FROM nema
JOIN guntu g ON g.id = nema.rowid
WHERE nema MATCH 'taki*' AND g.gari = 'Mangu'
ORDER BY bm25(nema) LIMIT 5;
```

Aikin `bm25` shi ne jera sakamako: kalmar da ba ta cika fitowa a sauran takardu ba tana da nauyi fiye da wadda take ko'ina. Tauraron da ke bayan `taki` yana kamo "takin" ma. Alƙaluma irin su adadin buhuna kuwa, ba su nasu teburin da gurbin lamba, ka tara su da `SUM`. Kada ka bar su a binne cikin rubutu kana fatan bincike zai yi maka lissafi.

Inda Hausa take kayar da mutum

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin yawancin abin da ake ɗora wa ma'ajiya laifinsa matsalar rubutu ce. Malamin gona ɗaya ya rubuta "ƙwari", wani ya rubuta "kwari" saboda madannin wayarsa ba shi da ƙ, na uku ya rubuta "k'wari". A wurin kwamfuta waɗannan kalmomi uku ne daban. Mai yanka kalmomi na FTS5, wato `unicode61`, yana cire alamar da ke kan haruffa irin su é da à, amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ haruffa ne masu zaman kansu a Unicode, ba k ko d da aka ɗora wa alama ba, don haka yana barin su yadda suke. Waƙafin sama kuma yana ɗaukarsa mai raba kalma, sai "'ya'ya" ta koma "ya" sau biyu, "k'wari" ta tsinke gida biyu.

Maganin shi ne ka daidaita rubutu da kanka kafin ya shiga `nema`, ka kuma bi tambayar mai nema da wannan gyaran dai:

```python
M = str.maketrans("ƙɗɓƴ", "kdby", "'’ʼ")
def daidaita(s):
    return s.lower().translate(M)
```

Ainihin rubutun yana nan a `guntu` da lanƙwasarsa, shi za ka nuna wa mai karatu. Akwai ɗan farashi: "ƙaya" da "kaya" sun zama kalma ɗaya a fihirisa. Na fi son sakamako ɗaya na banza ya shigo da a rasa rahoton da ake nema.

Jam'i ma yana da nasa rikicin. `buhu*` zai kamo "buhuna", `gona*` ma zai kamo "gonaki" saboda harufan farko sun dace, amma `kasuwa*` yana kamo "kasuwanni" da "kasuwanci" a haɗe. Inda jam'i ya canza cikin kalma, kamar "tunkiya" da "tumaki", tauraro ba ya aiki sam. Mai datse kalmomi na `porter` da ke cikin FTS5 na Ingilishi ne, kada ka kunna shi a kan Hausa. Abin da ya fi shi ne ƙaramin jerin kalmomin sana'ar da ka rubuta da hannu, kamar arba'in ko hamsin, kowace da 'yan'uwanta na Hausa da na Turanci, ka haɗa su da `OR` a lokacin tambaya. Sakatare da malaman gona su suka san waɗannan kalmomin, su za ka tambaya.

Yanzu gwada tambayoyinka talatin. A kowace duba ko takardar da ta dace ta fito cikin biyar na farko, ka rubuta adadin. Waɗanda suka faɗi, buɗe su ɗaya bayan ɗaya: kalmar ce ba ta cikin jerinka, ko yankan ne ya raba tambaya da amsarta, ko takardar hoto ce da ba a ciro rubutunta daidai ba?

Sai lokacin da ma'ana kaɗai ta rage

Idan bayan duk wannan har yanzu tambayoyi irin na baƙin ganye suna faɗuwa, to lokacin bekta ya yi. Samfurin AI yana mayar da kowane guntu jerin lambobi, wato bekta, masu ma'ana kusa da juna su kan sami lambobi kusa da juna. Amma ko a nan ba ka buƙatar sabuwar ma'ajiya. Yi lissafin: samfuri mai lambobi 384, kowace lamba bayit 4, ya ba ka bayit 1,536 a guntu. Guntu 3,000 megabayit 4.6 ke nan. Ajiye su a sabon gurbi na `BLOB` cikin `guntu`, ka ɗora su a NumPy idan manhaja ta tashi, ka gwada tambaya da kowane guntu kai tsaye:

```python
maki = E @ q
sama = np.argsort(-maki)[:5]
```

A nan `E` bektocin guntayen ne a jere, `q` kuma bektar tambaya. Wannan yana aiki idan an daidaita tsawon kowace bekta zuwa 1. Amsarsa cikakkiya ce, domin babu guntun da aka tsallake. Ko guntu 100,000 bai wuce megabayit 154 ba. Sai ka doshi miliyan, inda ake maganar gigabayit ɗaya da rabi, sannan fihirisa irin HNSW take fara biyan kuɗinta, ita kuwa kusantar amsa take yi, tana iya tsallake guntun da ya fi dacewa.

Abu biyu ka kiyaye. Samfura da yawa ba su ga Hausa sosai ba a horonsu, saboda haka sake gwada tambayoyin nan talatin kafin ka yarda cewa bekta ta fi FTS5 a kan takardunka. Sannan rubuta sunan samfurin a cikin ma'ajiyar. Ranar da ka canza shi dole ka sake lissafa duka bektocin, in ba haka ba sakamako zai fito a hargitse ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ajiye komai a fayil guda yana kuma kare ka daga wata cuta da aka saba gani a masu ma'ajiya biyu: an goge takarda a nan, tana ci gaba da fitowa daga can.

Alamar barin SQLite

SQLite mai rubutu ɗaya yake bari a lokaci guda. Idan ka fara ganin `database is locked`, kunna `PRAGMA journal_mode=WAL;` domin masu karatu su daina jiran mai rubutu, ka kuma gajarta lokacin da kake riƙe da rubutu a buɗe. Kada ka ɗora fayil ɗin a babban fayil da kwamfutoci da yawa suke buɗewa ta hanyar sadarwa, kulle ba abin dogaro ba ne a can kuma fayil yana iya lalacewa. Wajen kwafin ajiya yi amfani da umarnin `.backup`, kada ka ja fayil ɗin zuwa filashi ana tsaka da aiki da shi.

Idan ƙungiyar ta buɗe reshe a Abuja, ma'aikata da dama suna shigar da bayanai daga wurare daban-daban lokaci guda, ko ana son kowane reshe ya ga nasa kaɗai, koma PostgreSQL. Teburanka za su tafi kusan yadda suke, yana da nasa binciken kalmomi, ƙarin `pgvector` kuma yana riƙe bektoci a gefen rubutun. Wajen binciken kalmomi zaɓi tsarin `simple`, tunda babu na Hausa a cikinsa, ka ci gaba da wuce kowane rubutu ta `daidaita` kafin ya shiga.