Yadda za ka yi makonni biyun farko in ka zo karatu Jamus

Duk watan Oktoba sai sababbin zuwa sun yi ta kirana da tambayoyi iri ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta abin da nake faɗa musu, wanda zai yi bidiyo ko saƙon murya ga ƴan garinsu ma zai iya ɗauka ya karanta. Ba zan tsaya kan biza da tikitin jirgi ba, tunda ka iso ai ka wuce nan.

Ɗan'uwa, farkon abin da za ka sa a gaba shi ne rajistar adireshi, abin da za ka ga an rubuta Anmeldung. Doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ka tare a ɗaki, kuma ana yi ne a ofishin gari, a birane da yawa sunansa Bürgeramt. Ka shiga shafinsu ka kama rana tun daren da ka sauka, don a manyan birane irin Balin sai ka duba ka ga babu gurbi sai bayan makonni. Ka riƙa dubawa da sassafe, lokacin ne ake sakin guraben waɗanda suka fasa. In ranar da ka samu ta wuce kwana 14 ɗin, ka adana saƙon da suka turo maka, shi ne shaidarka cewa ba sakaci ka yi ba.

Toh ga inda ni na faɗi, kuma nan na ga yara da yawa sun faɗi. Fasfo da takardar haya kaɗai ba sa isa, sai da wata takarda da mai gida zai sa wa hannu cewa lallai ka tare a gidansa, sunanta Wohnungsgeberbestätigung. Ni ɗaki na karɓa a hannun wani ɗalibi da zai yi tafiya, araha ne sosai, na biya kuɗin ajiya ina murna, sai da na nemi takardar nan ya fara kame-kame, ashe mai gidan bai ma san ya ba da ɗakin haya ba. Ba takarda ba rajista, bankin da na je suka ce sai na kawo shaidar rajista kafin su buɗe min asusu, alhali kuɗin da na zuba a asusun da ake kullewa don neman biza ba sa fitowa sai ta asusun banki na yau da kullum. Kuɗina ne, ina ganinsu a waya, amma mako biyar ina cin bashin abinci wajen wani bawan Allah ɗan Zinder, Allah ya saka masa.

Saboda haka kafin ka tura ko yuro ɗaya, ka tambaya a rubuce: za a iya yin Anmeldung a wannan adireshin? In ka ga talla an rubuta "ohne Anmeldung", wato ba rajista, ko aka ce maka "bari mu gani tukuna", ka bar ɗakin komai araharsa. Ni dai a wajena ɗakin kwanan ɗalibai ya fi, ko da ƙarami ne, don su da kansu suke miƙo maka takardar tare da makulli. Kuma kuɗin ajiya a doka ba ya wuce hayar wata uku ba tare da kuɗin ɗumama ɗaki da ruwa ba, wanda ya nemi fiye da haka ka yi hattara da shi.

Ranar da ka yi rajista, ka dawo ka manna sunan da ke fasfonka a jikin akwatin wasiƙa. A nan da suna mai kai wasiƙa yake aiki, in bai gani ba ya mayar, kuma katin banki da lambar sirrinsa da lambar haraji duk ta wasiƙa suke zuwa.

Da asusu ya buɗe sai ka haɗa shi da wancan kulallen. Ga waɗanda suka zuba yuro 11,904, adadin da aka fara nema tun Satumban 2024, yuro 992 ne ke fitowa a wata, ba a ƙara maka ko da haya ta cinye rabi. Ka cire inshorar lafiya da yuro 18.36 na rediyo da talabijin, wannan kowane gida ne ke biya, in kuna da yawa ku raba.

Sauran da sauƙi. Ka nemi takardar izinin zama a ofishin kula da baƙi, wato Ausländerbehörde, tun bizarka ba ta ƙare ba. Shiga aji ba ya nufin an sa ka a jarrabawa, ita ma rajistarta daban ce kuma tana da ranar rufewa, ka duba a shafin sashenku. Sannan ka yi cefane ranar Asabar, Lahadi kantuna a rufe suke sai ƴan kaɗan na manyan tashoshin jirgin ƙasa.