Kurakuran da aka fi yi wajen auna gudu ko jinkirin agogon tsere

Wani malamin wasanni daga makarantar ƙauyenmu, nan kusa da Gumel, ya shigo shagon gyarana da agogon tsere rataye a wuya. Ya ce, "Maigida, duba min wannan. Na gwada shi da wayata na minti goma, sai da ya wuce ta da kusan rabin sakan." Na ce, "Malam, zauna tukuna. Wannan awon bai taɓa agogon ba, saurin yatsanka ka auna."

Kafin a je ga kuskuren, sai an san ma'aunin. Ppm na nufin kashi ɗaya cikin miliyan. A kwana ɗaya akwai sakan 86,400, don haka agogon da ke ƙara sakan ɗaya kullum yana gudu da ppm 11.6 ke nan. Yawancin agogunan batir suna tafiya ne da ɗan kiristal mai kaɗawa sau 32,768 a sakan, kuma ire-irensa na kasuwa ana yarda su kauce da ppm 20 sama ko ƙasa, wato ƙasa da sakan biyu a kwana. Lissafin kuwa bai wuce haka ba, inda agogo shi ne sakannin da agogon ya ƙirga, tushe kuma sakannin da amintaccen abin da ake gwadawa da shi ya ƙirga:

```
ppm = (agogo − tushe) ÷ tushe × 1,000,000
```

Kuskuren malamin shi ne wanda kowa ke fara yi: gajeren awo. Tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna, mutum kan yi saɓanin da zai iya kai sakan 0.2, kuma ba kullum yake zama iri ɗaya ba. Raba 0.2 da sakan 600 na minti goma, za ka samu ppm 333. Ana neman abin da bai wuce 20 ba, ga kuskuren hannu ya ninka shi fiye da sau goma sha biyar. Ko awa guda ka yi, kuskuren yana nan a wajen 56. Sai an kwana an wuni yake sauka zuwa 2.3, a mako kuma ya koma 0.3. Yatsan nan dai shi ne, bai ƙara sauri ba, tsawon lokacin ne ya narkar da laifinsa. Alamar da za ta nuna maka kana cikin wannan kuskure ita ce ka maimaita awon sau uku, yau agogon ya fito mai gudu, gobe mai jinkiri.

Sai kuma abin da ake gwadawa da shi. Agogon waya shi ma kiristal ne a cikinsa, yana kaucewa, sannan lokaci-lokaci ya gyara kansa daga sabis ba tare da ya sanar da kai ba. Idan ya yi wannan tsallen a tsakiyar awonka, lissafi ya ɓaci. Agogon da ke ƙirga lokaci da wutar lantarki ya fi muni, don 50 Hz ɗin da ke rubuce, wato kaɗawar wutar sau 50 a sakan, ba ya tsayawa wuri guda, balle a janareto. Abin da na dogara da shi biyu ne: ƙarar nan shida da BBC ke sakawa idan awa ta cika, wadda farkon ta shidan, mai ɗan tsawo, shi ne kan awa daidai, ko ƙaramin allon GPS mai ƙafar da aka rubuta wa PPS, wadda ke bugawa sau ɗaya kowane sakan.

A nan akwai wata dabara da mutane ba sa lura da ita. Ba lallai tushen ya zo maka a kan lokaci ba, abin da ake buƙata shi ne jinkirinsa ya zama iri ɗaya a farko da ƙarshe, sai ya cinye kansa wajen ɗebewa. Shi ya sa idan ka fara da rediyo a gajeren zango, da shi za ka ƙare, a tasha ɗaya. Na taɓa farawa da rediyo na ƙare da sauraron tashar ta intanet a waya saboda batir ya mutu, sai ga agogo lafiyayye ya fito kamar ya haukace. Sautin intanet yakan makara da sakanni da yawa, kuma makarar yau ba ita ce ta gobe ba.

Ga yadda muka yi da na malamin. Mun tayar da shi ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, a kan ƙara ta shida, muka jefa shi a aljihun tebur. Alhamis ta zagayo, a daidai wannan awar, muka tsayar da shi. Irin waɗannan agogunan suna komawa sifili bayan awa 24, don haka kwanakin kai ne za ka riƙe a takarda. Wasu ma suna daina nuna ɓurɓushin sakan bayan minti talatin, sai ka duba naka tun kafin ka fara. Nasa ya nuna rarar sakan 9.4 a cikin 604,800 na mako. Aka raba, aka ninka da miliyan, ya ba da ppm 15.5 na gudu. A tseren mita 1,500 na minti biyar, wannan bai kai sakan 0.005 ba. Malam ya yi dariya ya ce ashe ɗalibansa ba su da hujjar ƙorafi a kan agogo.

Abin da na rubuta masa a takarda bai tsaya ga lambar ba, har da watan da yanayin ɗakin, domin wanda ya bar zafi a baya ya bar rabin labari. Wannan kiristal ɗin ya fi sauri a wajen digiri 25, kuma ko zafi ya ƙaru ko sanyi ya ƙaru, jinkiri yake yi. Ana ninka tazarar da ke tsakanin zafin wurin da digiri 25 da kanta, sannan a ninka da kusan 0.034, a samu jinkirin a ppm. A shago mai rufin kwano cikin Afrilu, digiri 40, tazarar 15 ce, jinkirin ya kusa ppm 8. Da asubar hunturu, digiri 15, wajen 3.4 ne. Saboda haka idan ka auna a bazara ka sake aunawa a hunturu ka ga bambancin ppm uku ko huɗu, kada ka ce agogon ya lalace.

Masu gyaran rediyo da ke da na'urar ƙirga firikwensi suna da nasu tuntuɓen. Na'urar tana buɗe ƙofa ne na wani ɗan lokaci, abin da aka rubuta wa GATE, ta ƙirga kaɗawar da ta shigo, kuma lambar ƙarshe tana iya rawa da ɗaya. A 10 MHz, wato kaɗawa miliyan goma a sakan, da ƙofar sakan ɗaya, ɗayan nan ppm 0.1 ne kacal. A 32,768 Hz kuwa ya haura ppm 30, ya fi abin da kake nema girma, sai an tsawaita ƙofar zuwa sakan goma ko fiye. Ɗora tsinken awo kai tsaye a ƙafar kiristal ɗin agogo ma yana canza kaɗawarsa, wani lokaci ya tsayar da shi ɗungurungum.

Wanda ya fi ruɗa yarana shi ne juyewar alama. Ka ba na'urar 10 MHz na gaskiya daga tushen da GPS ke riƙe da shi, ta nuna 10,000,042. Yaro zai ce, "Oga, gudu take yi." Jinkiri take yi. Sakan ɗinta ya fi na gaskiya tsawo, ƙofar ta daɗe a buɗe, ta ƙirga fiye da kima. Kiristal ɗinta yana jinkiri da ppm 4.2, duk abin da ta nuna sai a rage masa wannan kason. Idan za ka murɗa ɗan madaidaicin da ke gefen kiristal ɗin, bar ta a kunne aƙalla rabin awa ta ɗumama, ka murɗa da sukuddireba ta roba, ka mayar da murfin, sannan ka sake karantawa, domin buɗe murfin kaɗai yana canza zafin cikinta.